Neman ƙarin wa'adin kundi: abin da malami yake so ya gani a imel ɗinka

Ɗalibin da yake rubuta kundin digiri na biyu a fannin harkar kuɗi yana da wata matsala da ba kowane ɗalibi ke da ita ba. Kayan aikinsa ba a hannunsa suke ba. Alƙaluman da zai gina bincikensa a kai suna hannun bankuna da kamfanoni da hukumomi, su kuwa suna da nasu lokacin fitar da su, ba ruwansu da ranar da sashe ya sa wa ɗalibai su miƙa aiki. Idan ranakun biyu suka saɓa, dole ɗalibi ya zauna ya rubuta wa malamin da ke duba aikinsa saƙon neman ƙarin lokaci. Saƙon gajere ne, bai kamata ya wuce shafi ɗaya ba, amma da yawa sukan lalata shi.

Inda ake yin kuskure shi ne a ɗauka cewa roƙo ake yi, don haka wanda ya fi iya marairaicewa shi zai samu. A mafi yawan jami'o'inmu malamin ba shi kaɗai yake da wuƙa da nama ba. Akwai jami'in da ke kula da karatun gaba da digiri na farko a sashe, akwai shugaban sashe, akwai kwamiti, wani lokaci sai magana ta kai makarantar manyan digirori kafin a yanke hukunci. Malaminka zai tsaya ne a gaban waɗannan ya ce ga ɗalibina, ga abin da ya same shi, ga lokacin da zai gama. Idan abin da ka ba shi kawai shi ne “na sha wahala wajen tattara bayanai, Malam a taimaka,” ka tura shi gabansu hannu rabbana. Aikin saƙon shi ne ya ba shi hujjar da zai kare ka da ita.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce wata ɗaliba ce a sashen da ake koyar da harkar banki da kuɗi, tana binciken yadda sauyin farashin canji ya shafi ribar bankunan Najeriya. Batu ne mai nama. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya bar naira ta nemo farashinta, sai dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 750 cikin makonni, kuma zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Bankunan da ke riƙe da kadarori na dala fiye da bashin dalar da ke kansu sun ga darajar kadarorin nan ta kumbura idan aka lissafa da naira, ribarsu ta yi sama sosai, har Babban Bankin ya umarce su a watan Satumba na 2023 da kada su raba wannan ribar ga masu hannun jari. Ɗalibar ta zaɓi bankuna 12 da ke kasuwar hannun jari, tana bin su shekara goma, daga 2015 zuwa 2024. Kowane banki a kowace shekara layi ɗaya ne a jadawalinta, wato layi 120 ke nan. Sashe ya ce a miƙa cikakken kundi ranar 30 ga Afrilu, 2025.

A takarda lissafin ya yi daidai. Bankunan ƙasar nan duk suna rufe shekararsu ta kuɗi ranar 31 ga Disamba, kuma ƙa'idar kasuwar hannun jari ita ce kamfani ya miƙa rahotonsa na shekara, wanda masu binciken asusu suka tantance, cikin kwana 90, wato zuwa ƙarshen Maris. Sai dai banki ba kamar kamfanin siminti ba ne. Ba ya fitar da rahoton shekara sai Babban Banki ya duba ya amince, kuma wannan matakin yakan ja lokaci. Shi ya sa ba baƙon abu ba ne a ga banki ya fitar da sanarwa a shafin kasuwar cewa rahotonsa zai makara domin yana jiran amincewar hukuma. To, a ce mako na farko na Afrilu ya shiga, ɗalibarmu tana da rahoton 2024 na bankuna bakwai, saura biyar.

Kafin ta buɗe imel, akwai tambayar da ya kamata ta yi wa kanta, domin ita ce ta farko da malamin zai yi mata: shin rashin layi biyar cikin 120 ya isa ya tsayar da aiki? A yawancin bincike amsar ita ce a'a. Manhajoji irin su Stata da EViews suna aiki da jadawalin da ke da giɓi, ana kuma iya datse shekarar ƙarshe a tsaya a 2023 ba tare da an yi asara mai yawa ba. Ɗalibin da ya nemi ƙarin wata biyu a kan abin da za a iya warwarewa da datse shekara ɗaya, ya nuna wa malaminsa cewa bai fahimci aikin nasa ba.

Amma nata ya bambanta, kuma a nan hujjarta take. Tambayar bincikenta a kan abin da ya faru bayan Yunin 2023 ne. Shekaru biyu kacal gare ta a bayan sauyin, 2023 da 2024, layi 24 ke nan, biyar daga cikinsu kuma babu. Idan ta datse 2024, abin da ya rage mata shekara ɗaya ce wadda rabinta ma tsohon tsari ne. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Bankunan da suka makara ba ƙuri'a aka jefa aka zaɓo su ba. Mai yiwuwa ne waɗanda rahotonsu ya daɗe a hannun hukuma su ne waɗanda asusunsu ya fi sarƙaƙiya, ko masu rassa a ƙasashe da yawa, ko masu wata matsala da ake tattaunawa a kai. Idan aka bar su a waje, sakamakon zai iya karkata zuwa ɓangare ɗaya ba tare da an lura ba. Duk malamin da ya san fannin zai ji wannan ya gyaɗa kai, domin magana ce ta ingancin bincike, kuma ita ce zai iya maimaitawa a gaban kwamiti.

Abu na biyu shi ne rana. “Ƙarin ɗan lokaci” ba buƙata ba ce da za a iya amincewa da ita, domin babu wanda zai sa hannu a kan abin da ba shi da iyaka. Kuma ba a zaɓar rana da ka. Ɗalibar za ta jera abin da ya rage ta ba kowane mataki lokacinsa. Za ta jira rahotannin zuwa Juma'a, 9 ga Mayu. Daga nan tana buƙatar mako guda na ciro alƙaluma, wanda aiki ne da waɗanda ba su taɓa yi ba sukan raina. Rahoton babban banki yakan kai shafi ɗari uku ko fiye, kuma ribar sauyin canji ba a shafin farko take ba, sai an shiga cikin bayanan da ke biye da asusun. Akwai kuma tarko: kowane shafi yana da alƙaluman rukunin kamfani gaba ɗaya da na bankin shi kaɗai, gefe da gefe. Wanda ya ɗauki na rukuni a wata shekara, na banki a wata, ya gurɓata jadawalinsa. Haka kuma sabon rahoto yakan zo da gyararrun alƙaluman bara, sai an koma an daidaita. Wannan ya kai ta 16 ga Mayu. Sai kwana goma na sake gudanar da lissafi da rubuta babi na huɗu da na biyar, ta miƙa wa malam ranar 26 ga Mayu.

A daidai nan ɗalibai da yawa suke tsayar da lissafinsu, su manta cewa malamin ma sai ya karanta. Mutumin da ke da ɗalibai da yawa a hannu, ga darasi, ga tarurruka, ba zai dawo da babi biyu cikin kwana uku ba. Mako biyu shi ne adalci, kuma a shekarar 2025 Babbar Sallah ta faɗo ne a makon farko na Yuni, don haka hutu zai ci wani ɓangare. Gyara zai dawo wajen 9 ga Yuni. A ƙara kwana tara na yin gyaran, da gwajin satar fasaha idan sashe yana buƙata, da bugawa da ɗaurewa. An sauka a 18 ga Yuni, mako bakwai cif daga wa'adin farko. A ganina gara a nemi mako bakwai sau ɗaya da a nemi uku a dawo a sake neman huɗu. Buƙata ta farko ana kallonta da idon uzuri, ta biyu kuwa ana fara tambayar ko ɗalibin ya san abin da yake yi.

Kafin ta rubuta ranar, sai ta leƙa ofishin sashe ta tabbatar da abu ɗaya: wane irin wa'adi ne take neman a ɗaga? Akwai wanda malami ya sa da kansa don ya tsara aikinsa, wannan kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Akwai na sashe, wanda yake ɗaure da ranar kare kundi da gayyatar mai jarrabawa daga wata jami'a, wanda idan ya wuce ka sai ka jira rukuni na gaba. Akwai kuma na jami'a, wato iyakar shekarun da aka yarda ɗalibi ya yi a kan digirin. Idan ƙarin ya tsallaka cikin sabuwar shekarar karatu, yana iya jawo sabuwar rajista da sabon kuɗin makaranta. Littafin ƙa'idojin makarantar manyan digirori shi ne zai faɗa, kuma kowace jami'a da nata. Inda ake buƙatar fom ko takarda zuwa ga shugaban sashe ta hannun malami, to imel ɗin rakiya ce kawai yake yi wa takardar, bai maye gurbinta ba.

Yanzu ga saƙon. A jami'o'in Najeriya da Turanci akan rubuta shi, a Nijar da Faransanci, amma ginin ɗaya ne, ga shi da Hausa. A layin take za ta sa: Neman ƙarin wa'adin miƙa kundi zuwa 18 ga Yuni, 2025, sai sunanta da lambar rajistarta. Malamin da ya ga wannan a wayarsa ya riga ya san rabin maganar, kuma zai iya nemo saƙon bayan wata guda ba tare da wahala ba.

“Assalamu alaikum Malam. Da fatan Malam yana lafiya, ya ƙoƙari da mu.

“Ina neman Malam ya goya mini baya a ɗaga ranar miƙa kundina daga 30 ga Afrilu zuwa 18 ga Yuni, 2025, wato ƙarin mako bakwai.

“Dalili shi ne, cikin bankuna 12 da nake nazari, biyar ba su fitar da tantataccen rahotonsu na 2024 ba zuwa yau, 7 ga Afrilu. Uku daga cikinsu sun sanar a shafin kasuwar hannun jari cewa suna jiran amincewar Babban Banki. Ina da layi 115 cikin 120, amma biyar ɗin da suka rage suna cikin 24 na bayan sauyin canjin Yunin 2023, wanda shi ne ginshiƙin binciken.

“Na kammala babi na ɗaya zuwa na uku tare da gyaran da Malam ya yi. Na kuma gudanar da lissafin gwaji da alƙaluman da ke hannu. Idan rahotannin suka fito zuwa 9 ga Mayu, zan kawo wa Malam babi na huɗu da na biyar ranar 26 ga Mayu, in sha Allahu. Idan wasu ba su fito ba zuwa ranar, ba zan ƙara jira ba. Zan ci gaba da abin da ke hannu in bayyana giɓin a cikin kundin, ko in yi amfani da alƙaluman da ba a tantance ba in yi musu alama, duk wanda Malam ya ga ya fi.

“Na haɗo takardar neman ƙarin zuwa ga shugaban sashe wadda ke buƙatar sa hannun Malam, da jadawalin alƙaluman da na tara, da sanarwar bankunan, da babi ukun farko. Kwamitin sashe zai zauna ranar 16 ga Afrilu, don haka zan so in karɓi takardar kafin nan. Idan Malam ya fi son mu yi magana baki da baki, zan zo ofis duk lokacin da ya dace da Malam.

“Na gode, Allah ya saka da alheri.”

Sai suna, lambar rajista, sunan digiri da lambar waya.

A lura da inda buƙatar ta zauna: jimla ta farko bayan gaisuwa. Tarbiyyarmu ta koya mana cewa ba a faɗa wa babba buƙata kai tsaye, sai an yi shimfiɗa, kuma da yawa sukan kai wannan cikin imel, su cika sakin layi biyu da gaisuwa da addu'a da ban haƙuri kafin a ji abin da ya kawo su. A zaure wannan ladabi ne. A saƙon da za a karanta a waya tsakanin darasi da darasi, girmamawar ita ce kada a sa malam ya yi ta laluben maganar. Gaisuwa ɗaya ta gaskiya ta wadatar, kuma kiran sa Malam ko Farfesa a maimakon “kai” ya riga ya ɗauke nauyin ladabin.

Sakin layin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda ta ce “ba zan ƙara jira ba.” Babbar fargabar malami game da uzurin da ya rataya a wuyan wasu ita ce ba shi da ƙarshe. Ɗalibar ba ta da iko a kan ranar da Babban Banki zai amince da rahoton kowa, malamin ma haka. Idan ta ce a ba ta lokaci har rahotannin su fito, ta nemi abin da ba wanda ya san tsawonsa. Da ta sa ranar yankewa, ta kuma faɗi abin da za ta yi idan ranar ta zo babu labari, sai 18 ga Yuni ta zama alkawarin da ke hannunta ta cika. Hanyoyin biyu da ta kawo kowacce da aibinta. Alƙaluman da ba a tantance ba, waɗanda wasu kamfanoni kan fitar tun farkon shekara, sukan sauya bayan tantancewa, musamman wajen kuɗin da aka ware don basussukan da ake shakkar dawowarsu, kuma wannan yana taɓa riba kai tsaye. Barin giɓi kuma yana da matsalar karkata da aka ambata. Ba ta ɓoye wannan ba, ta bar wa malamin zaɓi, domin hukunci ne na ilimi kuma shi ne zai zauna kusa da ita ranar kare kundi.

Abubuwan da aka haɗo su ne ke bambanta wanda alƙaluma suka tsayar da wanda bai fara aiki ba. Malamai sun saba jin “bayanai ne suka makara,” kuma sun san sau da yawa wannan mayafi ne. Gane gaskiya ba shi da wuya. Wanda ya yi aiki yana iya faɗin adadi: nawa ya nema, nawa ya samu, nawa suka rage, daga wa. Yana da jadawalin Excel da za a buɗe a ga gurabe biyar fanko a tsakiyar cikakkun layuka. Wanda bai yi ba kuwa maganarsa ba ta da lamba ko ɗaya. Shi ya sa ɗalibar ta haɗo jadawalin ko da bai cika ba, ta kuma sa wa kowane fayil suna mai ma'ana, ta duba cewa ta maƙala su da gaske kafin ta aika.

Wannan ma'aunin bai tsaya ga masu nazarin rahoton banki ba. Wanda ya raba takardun tambayoyi 300 ga 'yan kasuwar Kantin Kwari a kan yadda suke samun jari, 140 suka dawo, shi ma adadin zai faɗa, da ranar da ya raba, da dalilin tsaikon, da mafi ƙarancin adadin da zai iya aiki da shi. Wanda ya rubuta wa wani ƙaramin banki yana neman bayanan masu karɓar bashi aka yi shiru, sai ya haɗo kwafin takardar da hatimin karɓa a kai. Sai dai shi wannan ya kamata ya yi wa kansa gaskiya: banki yana da nauyin sirrin abokan hulɗarsa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, don haka mai yiwuwa abin da yake jira ba zai taɓa zuwa ba. Irin wannan ba ƙarin lokaci ne maganinsa ba, sauya hanyar binciken ne, kuma gara ya faɗa wa malaminsa haka tun da sauran lokaci.

Idan da laifin ɗalibi a cikin jinkirin, jimla ɗaya ta isa: na makara wajen fara tattarawa, da na fara a Janairu da na hango wannan. Ba a son shafi guda na zargin kai, ba a kuma son ƙarya. Wanda ya ƙirƙiro rashin lafiya ko rasuwa don ya ƙara wa uzurinsa nauyi ya sa kansa a hatsari, domin kwamiti yana iya neman takardar asibiti. Mafi muni shi ne wanda tsoron neman ƙari ya sa ya cike gurabe biyar ɗin nan da alƙaluman da ya ƙaga. A fannin kuɗi wannan ba ya ɓuya, domin rahotannin za su fito a bainar jama'a, kuma mai jarrabawa yana iya buɗe ɗaya ya gwada da jadawalinka cikin minti biyar. Jinkiri ana yafe shi, ƙagen alƙaluma kuwa yana iya cin digirin gaba ɗaya.

Saura lokacin aikawa. Ɗalibarmu ta rubuta ranar 7 ga Afrilu, fiye da mako uku kafin wa'adi, a ranar aiki da safe, tun ranar da ta ga ƙarshen Maris ya wuce da mako guda babu rahotannin. Wannan ya bar wa malamin sarari ya sa hannu kafin zaman kwamiti. Saƙon da ya iso daren 29 ga Afrilu, ko da hujjarsa ta fi wannan ƙarfi, ya zo bayan an riga an tsara jerin masu kare kundi. Kuma da yake ba kowane malami ne yake buɗe imel kullum ba, babu laifi ta bi shi da gajeren saƙon waya cewa ta aiko da takarda ta imel, ko ta je ofis da kwafi a hannu. Idan kwana huɗu ko biyar na aiki suka wuce shiru, sai ta sake tuntuɓa a ƙarƙashin saƙon farko, layi biyu, ta tuna masa ranar zaman kwamitin.

Shiru ba amincewa ba ne, kuma “ba komai, je ki ci gaba” da aka faɗa a bakin ofis ba ya cikin fayil ɗin kowa. Idan malam ya amince da baki, ta koma ta rubuta masa a ranar: na gode da amincewar Malam a ɗaga zuwa 18 ga Yuni, zan kai takardar ofishin shugaban sashe gobe. Har sai amsa ta fito a rubuce daga wanda yake da ikon bayarwa, wa'adinta yana nan a 30 ga Afrilu, don haka ta ci gaba da rubuta babi na huɗu da layi 115 ɗin da ke hannunta, yadda ko an ƙi tana da abin miƙawa.